Yadda ake cike fom ɗin rajistar mazauni a Jamus: suna, wurin haihuwa, ƙasa da aure

'Yan uwa da suka sauka Jamus, ko don karatu ko aiki ko bin iyali, suna yawan tambayata yadda ake cike takardun hukuma, kuma kusan kullum a wuri huɗu ake tsayawa: suna, wurin haihuwa, ƙasa, da matsayin aure. Zan bi fom ɗaya daga farko har ƙarshe, wato na rajistar mazauni da ake kira Anmeldung, saboda shi ne na farko da mutum ke cikewa, kuma abin da aka shigar a ranar shi ne ke wucewa zuwa ofishin baƙi da ofishin haraji. Idan ya shiga daidai, sauran takardun kwafi ne kawai. Idan kuwa ya shiga a karkace, haka zai yi ta bin ka daga ofis zuwa ofis.

Ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe da aikin baki ɗaya: ba abin da ka sani game da kanka ake tambaya ba, abin da takardunka suka ce ake tambaya. Fasfo ne ke magana, kai mai kwafa ne.

1. Tattara kayan aiki kafin ka taɓa biro

Doka ta ba ka mako biyu daga ranar da ka tare a gida ka yi rajista. Ofishin yana da suna daban-daban bisa ga gari: Bürgeramt, Bürgerbüro, Einwohnermeldeamt, a Hamburg kuma Kundenzentrum aka fi saninsa da shi. A manyan birane sai an kama lokaci, wato Termin, ta shafin intanet na garin ko ta kiran lamba 115.

Abin da za ka riƙe shi ne fasfo na kowane mutum da za a yi wa rajista har da yara, da biza ko katin izinin zama idan akwai, da takardar da mai gida ya sa wa hannu cewa ka tare, sunanta Wohnungsgeberbestätigung. Mai aure ya haɗa da takardar aure, mai yara ya haɗa da takardun haihuwarsu. Takardar da ba da Jamusanci take ba, ana iya neman fassararta daga mai fassarar da kotu ta rantsar. Wasu ofisoshin suna karɓar ta Ingilishi yadda take, wasu ba sa karɓa, don haka ka tambaya tun lokacin kama Termin. Fassarar takarda mai shafi ɗaya takan ci gomman yuro, ba ɗaruruwa ba, kuma ka nemi a faɗa maka farashi kafin a fara.

Rajistar kanta kyauta ce a Berlin da mafi yawan garuruwa, amma Hamburg tana karɓar ɗan kuɗi.

Gargaɗi: yarjejeniyar haya ba ta maye gurbin takardar mai gida. Tun watan Nuwamba na 2015 doka ta wajabta ta, kuma ba tare da ita ba za a mayar da kai. Jinkirin rajista na iya jawo tarar da ta kai yuro 1,000. Idan Termin ɗin da ka samu ya wuce mako biyun, ka ajiye shaidar ranar da ka kama shi, domin ita ce hujjarka. Sannan kada ka yarda wani ya “ara” maka adireshin da ba a nan kake kwana ba: wanda ya ba da adireshin bogi tararsa na iya kaiwa yuro 50,000, kai ma ba za ka tsira ba.

2. Yadda ake rubutu a kan fom

Ka buga kwafi biyu, ɗaya na gwaji. Biro baƙi ko shuɗi, ba fensir ba. Idan ka ga “Bitte in Druckbuchstaben ausfüllen”, ana nufin haruffa rarrabe irin na bugu, ba rubutun haɗe ba, kuma manyan baƙaƙe sun fi aminci. “Zutreffendes bitte ankreuzen” na nufin ka sa alamar X a akwatin da ya shafe ka. Gurbin da ke da tauraro ko kalmar Pflichtfeld dole ne a cike shi. Wanda bai shafe ka ba, ka ja ɗan layi ko ka rubuta “entfällt”.

Kwanan wata kullum rana ce, sai wata, sai shekara, da ɗigo a tsakani. A kan fom za ka ga TT.MM.JJJJ. Wanda aka haifa ran 5 ga Maris 1994 zai rubuta 05.03.1994. Ka lura da lamba 1 da 7: Jamusawa suna yi wa 1 ɗan ƙugiya a sama, 7 kuma su ratsa ta da layi a tsakiya. Bakwai ɗinmu marar ratsi tana iya zama ɗaya a idon ma'aikaci, don haka ka ratsa ta.

Idan ka yi kuskure, ka soke da layi ɗaya ka rubuta daidai a gefe, ko ka ɗauki sabuwar takarda. Kada ka shafa farin ruwan gyara.

3. Suna: nan ne aikin yake

A gida sunan mutum sarƙa ce: nasa, na mahaifi, wani lokaci na kaka ko na gari. Tsarin Jamus gida biyu kawai ya sani. Familienname, wanda ake kuma rubutawa Nachname, shi ne sunan iyali. Vorname, ko Vornamen idan sun fi ɗaya, shi ne sunan da aka raɗa maka. Idan fom ya ce “Name” kawai kuma ga “Vorname” a gefensa, to sunan iyali ake nufi da “Name”. Mutane da yawa sukan rubuta sunansu na yanka a wannan gurbin saboda sun karanta shi da ma'anar Ingilishi, daga nan sunan ya juye.

Ba kai za ka yanke wanne ne sunan iyalinka ba, an riga an yanke a ranar da aka buga fasfonka. Buɗe shafin hoto. A fasfon Najeriya da na Gana, abin da ke ƙarƙashin Surname shi ne Familienname, abin da ke ƙarƙashin Given Names shi ne Vornamen. A fasfon Nijar da na Kamaru da na Chadi, Nom shi ne Familienname, Prénoms shi ne Vornamen. Idan kana shakka, dubi layuka biyu na can ƙasa da na'ura ke karantawa. Mu ɗauki sunan misali:

```
P<NGAABUBAKAR<<MUSA<SANI<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<
```

Bayan haruffa uku na ƙasa, NGA, duk abin da ya zo kafin alamar << guda biyu sunan iyali ne, abin da ya biyo baya kuma sunayen yanka ne. To wannan bawan Allah zai rubuta Familienname: ABUBAKAR, Vornamen: MUSA SANI. Ko da a unguwarsu Sani sunan mahaifinsa ne, Abubakar kuma kakansa, ko da takardar jami'arsa ta ce Musa S. Abubakar, a nan fasfo za a bi. Ba a taƙaita suna da harafi ɗaya, ba a barin na tsakiya, ba a sauya jeri.

Haka batun rubutun sunan. Idan fasfo ya ce MOHAMMED, kada ka rubuta Muhammad don shi ka fi so. Idan ya ce AISHAT, to AISHAT ce, ba A'isha ba. Ɗan Nijar da aka rubuta masa OUSMANE ko MAHAMADOU ya bar shi haka, kada ya mayar da shi Usman ko Mamman. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ba sa cikin fasfo, don haka ba sa shiga fom: DANLADI da D zalla. A wurin kwamfutar hukuma, harafi ɗaya ya bambanta, mutum biyu ne.

Akwai waɗanda fasfonsu bai raba sunan ba, duk an jera shi a layi ɗaya. Kada ka raba da kanka. Nuna wa ma'aikaci fasfon. Tsarinsu ya tanadi wannan: sukan sa sunan gaba ɗaya a gurbin Familienname, su sa alamar + a gurbin Vorname. Idan ka ga + a takardarka daga baya, ba kuskure ba ne.

Sai Geburtsname, sunan iyalin da aka haife ka da shi. Ana cike shi ne kawai idan ya bambanta da na yanzu, kuma mata ya fi shafa. 'Yar uwa, idan fasfonki har yanzu da sunan mahaifinki yake, to shi ne Familienname ɗinki, ko da duk dangi da sunan maigida suke kiranki, kuma gurbin Geburtsname ki bar shi. Aure ba ya sauya miki suna da kansa a Jamus, kuma babu laifi miji da mata su kasance da sunan iyali daban-daban. Idan kuwa kin sabunta fasfo da sunan miji, sai ki sa na mijin a Familienname, na mahaifi a Geburtsname. Za ki riƙa ganinsa a takardu da gajeren rubutu “geb.” a gabansa.

Wasu fom suna cewa “Rufname unterstreichen”, wato ka ja layi a ƙarƙashin sunan da ake kiranka da shi a cikin sunayen yanka. Musa na misalinmu zai ja layi a ƙarƙashin MUSA.

Gargaɗi: Alhaji, Hajiya, Malam, Injiniya da sarautar gargajiya ba su da gurbi, sai fa idan kalmar tana cikin fasfo a matsayin suna, kamar yadda ake samun mai suna Alhaji na yanka. Gurbin Doktorgrad na mai digirin digirgir ne da zai iya kawo shaida. Gurbin Ordensname da Künstlername na 'yan ɗariƙun coci ne da masu fasahar da suka yi suna da wani laƙabi, ba wurin sa sunan da abokai ke kiranka ba ne. Ka bar su.

4. Ranar haihuwa, wurin haihuwa, jinsi

Geburtsdatum ko “Tag der Geburt” ita ce ranar haihuwa. Da yawa daga cikinmu fasfo ya ba su 1 ga Janairu saboda ba a rubuta ranar ba lokacin haihuwa. Idan haka naka yake, 01.01. za ka rubuta, ko da mahaifiya ta tabbatar maka da kaka aka haife ka. Wanda yake son gyara ya fara daga hukumar ƙasarsa, ba daga teburin Bürgeramt ba.

Geburtsort gari ne, kamar yadda fasfo ya rubuta shi. Mutumin Damagaram zai rubuta ZINDER, na Sakkwato SOKOTO, na Zariya ZARIA, na Tawa TAHOUA. Idan a wani ƙauye aka haife ka amma fasfo ya ce KATSINA, to KATSINA. Ba a sa sunan asibiti ko unguwa, ba a ƙara ƙaramar hukuma. Ka kuma bambanta shi da asalin jiha da muka saba cikewa a takardun Najeriya: wanda iyayensa 'yan Kano ne amma a Legas aka haife shi, LAGOS zai rubuta.

Geburtsland, ko “Staat” a gefen wurin haihuwa, ita ce ƙasar da garin yake, da rubutun Jamusanci: Nigeria, Niger, Ghana, Kamerun, Tschad, Sudan. Wanda aka haifa a Makka ko Jidda zai sa Saudi-Arabien, ko da fasfonsa na Najeriya ne ko na Nijar. Ƙasar haihuwa daban, ƙasar da kake ɗanta daban.

Geschlecht jinsi ne: männlich namiji, weiblich mace, a taƙaice m da w. Ka kula, w ta mace ce.

5. Ƙasa: tarkon Nijar da Najeriya

Staatsangehörigkeit, wani lokaci Nationalität, ita ce ƙasar da ta ba ka fasfo. An saba rubuta ta da siffa, da ƙaramin harafi:

nigerianisch ga ɗan Najeriya, nigrisch ga ɗan Nijar, ghanaisch ga ɗan Gana, kamerunisch ga ɗan Kamaru, tschadisch ga ɗan Chadi, sudanesisch ga ɗan Sudan.

Mutanen Nijar nake roƙo su tsaya a nan. Wanda ya saba da Faransanci ya san kansa da “nigérien”, sai hannunsa ya tafi ya rubuta wani abu mai kama da “nigerien” ko “nigerisch”. Ma'aikacin da ya fi sabawa da 'yan Najeriya yana iya karanta shi a gurguje ya zaɓi nigerianisch a kwamfuta. Daga nan rajista ta ce kai ɗan Najeriya ne, fasfo ya ce kai ɗan Nijar ne, kuma a ofishin baƙi ne za a gano saɓanin, inda ba ka son a yi shakkar ko wane ne kai. Ka rubuta nigrisch, ka ƙara kalmar Niger a gefe, sannan ka nuna haruffa uku na fasfonka: NER na Nijar ne, NGA na Najeriya. A fom na intanet kuwa ƙasashen biyu suna jere ɗaya bisa ɗaya a cikin jerin zaɓi, ɗan zamewar yatsa ya isa ya sauya maka ƙasa.

Ba a rubuta Hausa a wannan gurbin, ba a rubuta Afrika. Hausa tana shiga ne inda aka tambayi Muttersprache, harshen uwa, misali a fom ɗin makaranta ko na kwas ɗin koyon Jamusanci. Sannan katin izinin zama, ko na dindindin ne, bai mayar da kai “deutsch” ba. Haka wanda ya zauna a Italiya da katin zama na can bai zama “italienisch” ba.

Mai ƙasa biyu ya rubuta duka biyun, domin fom ɗin yakan ce “alle angeben”, wato a faɗi duka. Tun ƙarshen Yunin 2024 dokar Jamus ta amince mutum ya zama ɗan ƙasa ba tare da ya ajiye tsohuwar ƙasarsa ba, saboda haka babu dalilin ɓoyewa.

6. Matsayin aure

Familienstand ke nan, kuma kalmomi huɗu ne suka fi shafarmu. Ledig shi ne wanda bai taɓa aure ba ko sau ɗaya. Verheiratet mai aure. Geschieden wanda aurensa ya mutu ta hanyar saki. Verwitwet wanda miji ko mata ta rasu. A wasu fom gajerun haruffa ne: LD, VH, GS, VW. Za ka kuma ga Lebenspartnerschaft, wani tsarin rajista ne na daban da ba ya nufin zama da budurwa ko saurayi, ka wuce shi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar ledig a matsayin “ba ni da kowa a yanzu”. Bazawara ba ledig ba ce, wanda ya saki matarsa ba ledig ba ne. Wanda kuma iyalinsa ke Kano ko Maraɗi shi yana Jamus shi kaɗai, verheiratet ne. Akwai “dauernd getrennt lebend” da ke fitowa a fom ɗin haraji da na tallafi. Wannan na ma'auratan da suka rabu da niyyar rabuwa ne amma ba a yi saki ba. Nisan da neman abinci ko jiran biza ya jawo ba ya cikinsa.

Idan ka zaɓi verheiratet, za a tambayi “Tag und Ort der Eheschließung”, ranar ɗaurin aure da garin da aka ɗaura. Ka kwafa daga takardar aure, kada ka sa ranar biki ko ta tarewa.

To wane aure Jamus ta yarda da shi? A nan wurin da aka ɗaura shi ne ke yanke hukunci. Auren da aka ɗaura a gida bisa hanyar da dokar ƙasar ta amince da ita, a ƙa'ida Jamus tana ɗaukarsa aure, amma sai ka kawo takarda. Auren da liman ya ɗaura a masallacin Frankfurt ko Hamburg ba tare da zuwa Standesamt ba, wato ofishin rajistar aure, a idon hukuma ba aure ba ne. Ma'auratan nan a fom ledig suke, komai yawan shaidun da suka halarta. Na san wannan yana yi wa mutane ɗaci, amma gara a sani tun wuri, domin yana shafar gado da haraji da inshorar lafiya ta iyali, kuma matar ce ta fi cutuwa idan wani abu ya faru.

Idan an ɗaura a gida amma babu takarda a hannunka ranar rajista, ka faɗi gaskiya cewa kana da aure. Ofishin yana iya shigar da “nicht bekannt”, ba a sani ba, har sai ka kawo shaida. Wannan ya fi ledig nesa ba kusa ba. Wanda ya rubuta ledig don a gama da wuri, ranar da ya tashi ɗauko matarsa da 'ya'yansa za a buɗe fayil a ga ya ce bai taɓa aure ba, alhali takardar da ya miƙa ta nuna auren ya girmi zuwansa. Daga nan sai doguwar tuhuma. Kuma ba da bayanin ƙarya don samun izinin zama laifi ne da hukuncinsa ke iya kaiwa ɗaurin shekara uku.

Game da takardun Najeriya da na Gana, ofisoshin jakadancin Jamus ba sa buga musu hatimin tabbatarwa yadda ake yi wa wasu ƙasashe. A maimakon haka, idan hukuma a Jamus ta buƙata, ana tura lauya ya bincika ingancinsu a can, ana kiran wannan Urkundenüberprüfung. Yana ɗaukar watanni, yana cin ɗaruruwan yuro, kuma mai takardar ne ke biya. Ba a cika neman sa don rajistar mazauni kawai ba, ya fi fitowa wajen ɗauko iyali ko ɗaurin aure a Standesamt, amma abin da ka rubuta yau shi za a gwada da abin da lauyan ya gano. Saki ma haka: na baki ko na 'yar wasiƙa ba zai sa a rubuta geschieden ba, sai an ga takardar kotu, wani lokaci ma sai wata hukumar shari'a ta Jamus ta amince da ita.

Mai mata fiye da ɗaya zai tarar gurbin mace ɗaya ne a fom. Ya rubuta verheiratet, amma kafin ya cike takardun ofishin baƙi ya zauna da lauya ko ofishin ba baƙi shawara, domin doka ba ta ba mata ta biyu izinin biyo miji idan yana zaune da ɗaya a Jamus, kuma auren fiye da ɗaya yana hana zama ɗan ƙasa.

Gurbin matsayin aure yana taɓa albashi kai tsaye. Marar aure yana shiga rukunin haraji na I. Ma'auratan da ke zaune tare a Jamus ana sa su a IV da IV, suna kuma iya neman III da V idan ɗaya ya fi ɗaya samu sosai. Wanda matarsa ke Najeriya ko Nijar, ko da an rubuta verheiratet, a rukuni na I zai zauna har ta iso a yi mata rajista.

7. Addini, adireshi da bayanin fasfo

Gurbin Religionsgesellschaft na harajin coci ne, ba binciken imani ba. Wanda ya sa rk, wato Katolika, ko ev, wato babban cocin Furotesta na Jamus, za a riƙa cire masa ƙarin kashi 8 ko 9 cikin ɗari na harajin albashinsa, bisa ga jiha. Musulmi ba ya biyan wannan. Ya rubuta “islamisch” ko ya faɗa wa ma'aikaci da baki. Idan daga baya ya ga an sa “keine” ko “oa” ko ɗan layi, kada ransa ya ɓaci, ma'anarsa ba ya cikin ƙungiyoyin da ake karɓar wa haraji. Kirista Bahaushe da cocinsa na gida ba ya cikin waɗannan biyun ya faɗi sunan cocin nasa, kada ya sa ev a gurguje.

Neue Wohnung sabon gida ne. Sunan titi ke fara zuwa, sai lambar gida, sai Postleitzahl mai lambobi biyar, sai gari. Einzugsdatum ranar tarewa ce, kuma dole ta yi daidai da wadda mai gida ya rubuta a tasa takardar. Idan gidan nan kaɗai gare ka a Jamus, ka sa X a “alleinige Wohnung”. A Bisherige Wohnung, tsohon mazauni, wanda ya zo kai tsaye daga gida sunan ƙasa kawai zai sa a inda aka ce “Zuzug aus dem Ausland”.

A sashen takardun shaida, RP ko Reisepass shi ne fasfo, Seriennummer lambarsa, Ausstellungsbehörde hukumar da ta bayar, Ausstellungsdatum ranar bayarwa, “gültig bis” ranar ƙarewa. Ka kwafe lambar a hankali, kada sifili ya zama harafin O.

Ga yadda fom ɗin Musa na misali zai kasance. An haife shi a Zariya, ya yi aure a Kaduna, matarsa tana gida tukuna:

```
Familienname:        ABUBAKAR
Vornamen:            MUSA SANI
Geburtsname:         -
Geburtsdatum:        05.03.1994
Geburtsort / Staat:  ZARIA / Nigeria
Geschlecht:          männlich
Staatsangehörigkeit: nigerianisch
Familienstand:       verheiratet
Eheschließung:       17.12.2021, KADUNA
Neue Wohnung:        Musterstraße 12, 12345 Musterstadt
```

Matar ba ta shiga layin “Person 2”, domin wannan na waɗanda suka tare da kai a gidan ne. Idan akwai sashen iyalin da ba su taho ba, a can za a sa sunanta.

8. Sa hannu da dubawa a gaban ma'aikaci

A ƙasan fom akwai “Ort, Datum” da “Unterschrift”. Ort a nan garin da kake zaune kana sa hannu ne, ba garin haihuwa ba: “Köln, 14.10.2025” misali. Sa hannun ya zama irin na fasfo.

Ma'aikaci zai shigar da bayanan ya ba ka takardar shaida, Meldebestätigung ko Anmeldebestätigung. Kada ka miƙe. Ka ajiye ta kusa da fasfo ka bi harafi-harafi: jerin suna, ranar haihuwa, gari, sannan ka nemi ya nuna maka abin da ya zaɓa a ƙasa da matsayin aure idan ba su fito a takardar ba. Idan ka ga kuskure, ka sa yatsa a wurin ka ce: “Entschuldigung, hier ist ein Fehler. Bitte wie im Pass.” Wato a yi haƙuri, akwai kuskure a nan, a rubuta kamar yadda yake a fasfo. A teburin gyaran minti ɗaya ne. Bayan ka fita sai sabon Termin, kuma kafin nan bayanin ya riga ya bazu zuwa wasu ofisoshin.

Wanda Jamusancinsa bai nuna ba ya tafi da mai yi masa tafinta. Ofisoshin ba baƙi shawara na Caritas da Diakonie da AWO da Rotes Kreuz suna taimakawa da cike fom kyauta, matasa 'yan ƙasa da shekara 27 kuma akwai Jugendmigrationsdienst.

9. Bayan ka dawo gida

A ranar ka manna sunan iyalinka a akwatin wasiƙa da jikin ƙararrawar ƙofa, daidai yadda aka yi rajista. Musa zai manna ABUBAKAR, ba Musa ba, domin mai kawo wasiƙa a Jamus sunan iyali yake bi, ba lambar ɗaki ba, kuma idan bai gan shi ba wasiƙar komawa take yi. Idan a gidan wani kake zaune kuma ba a yarda ka manna suna ba, ka sa a ƙara “bei” ko “c/o” da sunan mai akwatin a adireshinka. Cikin 'yan makonni lambar harajinka mai lambobi 11, Steuer-Identifikationsnummer, za ta iso ta wannan akwatin, kuma mai ba ka aiki yana buƙatarta don ya cire harajin da ya dace. Wasiƙar kuɗin rediyo da talabijin ma za ta zo, yuro 18.36 a wata ga kowane gida, ba ga kowane mutum ba.

Ka ɗauki hoton fom ɗin da ka cike da takardar shaidar ka adana. Banki, inshorar lafiya, ofishin baƙi, makarantar yara da neman kuɗin yara na Kindergeld duk waɗannan gurabe za su sake tambaya, sai ka kwafa daga wannan ɗin, ba daga ka ba. Idan ka sabunta fasfo a ofishin jakadanci da ke Berlin, ka duba tun a wurin ko an sauya jerin sunanka ko rubutunsa. Idan an sauya, ka kai tsoho da sabo tare zuwa Bürgeramt da ofishin baƙi a daidaita rajista kafin ka cike wani fom da sabon sunan.